Hannun da Alhaji ya ba ni

Ana cikin addu'ar uku wayata ta fara rawa a aljihu. Muna zaune kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, an tare layin gidan Alhaji a Agege da benci, mahauta da fataken shanu sun cika wurin, liman yana jan addu'a. Na danne wayar da gwiwar hannu. Ta yi shiru, ta sake farawa. Ko ban duba ba na san Oga ne, maigidana a wurin aiki, kuma na san abin da zai ce: farashin da muka ba kamfanin Alhaji ƙarshen wata zai mutu, in samo sa hannu.

Mai sa hannun ne muka binne shekaranjiya.

Ni ban gama sakandare ba. Na ja okada har aka hana, na yi yaron mota a Apapa, na sayar da caja a bakin titi, ba inda na daɗe. Wannan aikin ne na farko da na samu mai katin shaida a wuya. Kamfanin Oga yana shigo da ɗakunan sanyi, irin manyan nan da ake haɗawa a zuba naman shanu ya daskare, kuma ya ɗauke ni ne don ina jin Hausa da Yarabanci, ga ba na jin kunyar shiga ofishin kowa. Ya faɗa min tun farko: albashi kaɗan ne, gwaji ake yi, in na rufe babban ciniki ɗaya na zauna, in ban rufe ba ƙofa a buɗe take. Cinikin Alhaji shi ne nawa. Tun kafin azumi nake binsa, ga shi har an yi babbar sallah, damina ta kankama.

Kamfanin Alhaji nama yake kai wa otal-otal da manyan kantuna. Wanda ya fara jawo ni Manajansu ne, wani ɗan Zariya mai yawan dariya. Shi ne ke shan zagi duk ranar da nama ya canza launi a hanya, don haka shi ya fi kowa son injin sanyin namu.

"Ɗan gari," ya ce min ran farko, "ni da ka gan ni, so kawai na iya. Ba ni da biro. Akwai mutum uku a gabanka, kowanne da ciwonsa."

Haka kuwa. Injiniyansu, wani dattijon Bayarabe, ba ruwansa da farashi. Shi dai janaretansu zai ɗauki nauyin injin? In kwamfireso ya ƙone, a Legas za a samu ko sai an jira jirgin ruwa? Na kawo masa injiniyanmu suka auna fili, suka duba wayoyin wuta, na kai shi Mushin ya ga irin ɗakin yana aiki a wurin masu kifi. Ya shiga ciki ya tsaya har leɓensa ya fara rawa, sannan ya fito ya ce ya yarda.

Sai Baffa, ƙanin Alhaji, mai riƙe da kuɗin kamfani. Shi ba ya cewa a'a, sai dai "bari mu gani." Ya nemi farashin wasu kamfanoni biyu ya ajiye kusa da namu. Ya ce a raba biya kashi-kashi, wani in an yi oda, wani in kaya sun sauka, saura in injin ya tashi. Kafin Oga ya yarda dala ta motsa, farashin ya mutu, na kawo sabo, Baffa ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai yaro, injin naku girma yake ƙarawa a jirgi?"

Muka sake farawa. Banki ma ya shigo, don su za su ba da mafi yawan kuɗin, Alhaji ya tsaya musu da sunansa da gidansa. Kullum ina cikin danfo, bas ɗin haya, tsakanin ofishinmu da Agege. Wata rana in zauna a benci tun hantsi har la'asar, a ce Baffa ya tafi kara sayen shanu. Mahauta suka raɗa min suna Firiza. "Firiza, yau ma ba a daskare ba?"

Alhaji sai can ƙarshe Manaja ya shigar da ni wurinsa. Tsoho ne, ɗan fawa tun tushe, yatsunsa duk tabon wuƙa. Bai kalli takarda ba. Ya tambayi Injiniya, ya tambayi Manaja, ya kalli ƙaninsa, Baffa ya ɗaga kafaɗa. Sai ya miƙo min hannu kamar yadda ake yi a kara.

"Na saya. Allah ya sa albarka."

Muka shafa fatiha. A wurinmu an gama ke nan. Mutumin da ke sayen tirelar shanu da baki, ba a taɓa jin ya janye ba. Na koma ofis ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Oga ya saurare ni, ya ce, "Handshake no be order, musabaha ba oda ba ce. Ina takardar oda? Ina kuɗin farko?" Na ce saura banki ya fitar da takardarsa, daraktoci biyu su sa hannu, Alhaji da Baffa. Duk da haka ya rubuta cinikin a allo cikin waɗanda za su shigo, har ya yi wa masu ƙera injin magana su riƙe mana wuri.

Takardar banki ta fito ranar da aka kwantar da Alhaji a asibiti. Bai sake fitowa da ƙafarsa ba.

Da aka shafa addu'a na zagaya bayan wata mota na kira Oga.

"Ka ga ƙanin?"

"Na gan shi, Oga. Yana karɓar gaisuwa."

"To ka ja shi gefe, minti biyu."

"Ba a yi. Ko bashi mutum yake bi, yau ba ya buɗe baki sai an tambaya. A bari a yi bakwai."

"In an yi bakwai ka ce arba'in. Dala za ta jira arba'in? Ina zuwa da kaina."

Na roƙe shi. Washegari ya zo.

Gaskiya ya yi ƙoƙari. Ya sa doguwar riga, ya sayo hula a hanya, ya kawo buhun shinkafa da katan na ruwa. Ya cire takalmi ba a ce masa ba. Na koya masa "ya haƙuri" a mota, ya faɗa daidai, har wani tsoho ya ce, "A'a, Bayaraben nan ɗan gida ne." Na fara numfashi. Muka tashi tafiya, Baffa ya miƙe ya raka mu taki biyu, sai Oga ya riƙe hannunsa ya rage murya, da Turanci, ya ce ya san lokacin ba daɗi, amma don girman marigayi zai riƙe tsohon farashi zuwa ƙarshen wata, in za a iya sa hannu. A zuciyarsa alheri ya yi. Na san shi, asara ya ɗauka ya faɗi haka.

Babban ɗan Alhaji, wanda ya zo daga Kano, yana tsaye a bayan Baffa. Ban taɓa ganinsa ba sai a makokin nan, ba wanda ya taɓa ambata min shi a maganar injin. Yana jin Turanci sarai. Bai kalli Oga ba, ni ya kalla.

"Malam, kai ne ka kawo shi?"

Na ce ni ne.

"Ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Mun gode da shinkafa."

Baffa ya zare hannunsa a hankali ya koma tabarma.

A mota Oga yana ta tambayata me ya faɗa ba daidai ba.

Na bari aka yi arba'in sannan na koma. Benci na nan, mahauta na nan, amma ba wanda ya kira ni Firiza. Manaja ya ja ni bayan ofis inda ake wanke robobin nama, ƙudaje na bin mu, ya warware min komai. Banki ya janye takardarsa, don wanda ya tsaya musu ya rasu, sai an sake nema daga farko da sabon mai tsayawa. Asusun kamfani ba ya motsi yadda ya kamata sai an canza masu sa hannu. Kason Alhaji ya zama gado, akwai mata, akwai yara ƙanana, malamai sun ce kada a ɗauko sabon bashi a kan dukiyar marayu kafin a raba. Babban ɗan zai hau kujerar uban, kuma ya ce ko za a sayi injin wata rana, ba daga hannun mutanen da suka zo talla gidan mutuwa ba.

"Injiniya fa?"

"Yana nan, har yanzu naku yake so. Ni ma haka. Amma ka san mu, ba mu da biro." Ya yi dariyar yaƙe. "Jiya ma otal ɗaya sun dawo mana da cinyoyi."

Na samu Baffa a ofis. Ya amsa sallama, ya tambayi mutanen gida. Na ce, "Baffa, a gabanka Alhaji ya ba ni hannu."

Ya cire tabarau ya goge.

"A gabana ne. Da shanu ne, wallahi da yau na sallame ka, don maganar yayana ba ta faɗuwa. Amma wannan ba ni kaɗai ba ne, yaro. Kuɗin banki ne, da haƙƙin yaran da ba su san me ake ciki ba. Ka je, bari mu gani."

Ƙarshen watan Oga ya goge sunan kamfanin daga allo da tafin hannunsa. Masu ƙera injin sun ba wani wurinmu. Bai yi min ihu ba, da ya yi ma da ya fi min sauƙi. Ya ce na yi ƙoƙari, amma ba zai iya riƙe mutum a kan cinikin da sai an raba gado ba. Ya karɓi katin wuya da wayar ofis. Na fito, ruwa ya cika kwata ya hau titi, na tsaya a tasha danfo na wucewa ban san wacce zan hau ba. A gida ban faɗa wa Inna ba, da safe ta goge min rigar aiki na sa na fita.

A bakin titin jirgi na zauna na rubuta wa Manaja da tsohuwar wayata:

"Salam Yaya. An sallame ni jiya, kada ka neme ni a waccan lambar. In maganar ta sake tashi a fara da babban ɗan Alhaji, kada wani ya je wurin Baffa kafin shi. Awon da Injiniya ya yi yana nan, ba sai an sake ba. Don Allah in akwai wurin lodi a motar nama ka tuna da ni, ko na kwana-kwana ne. Na iya ɗaukar kaya. Firiza."