Gargaɗin da na danna ban karanta ba

Sana'ata sayar da salula ce, a wata 'yar rumfa bakin kasuwa a Damagaram. Ban yi lakwal, wato makarantar boko, mai nisa ba, amma ina karanta Faransancin da ke cikin waya. Al'adarmu masu wannan sana'a ita ce ba ma miƙa wa mutum waya a kwali. Mu ke kunna ta, mu sa masa layi, duk abin da ta tambaya mu danna amincewa, don mai saye yana tsaye kuma wani na bayansa. Babban yatsana ya saba da wannan har yana riga idona.

Ƙanwata, wadda muke ciki ɗaya, ta sami aikin sakatariya a biron wata ƙungiya mai raba wa manoma irin gyaɗa da gero. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku a gidanmu na unguwar Birni, kuma wannan ne aikin albashi na farko da ta taɓa samu. An ɗauke ta gwaji na wata uku. Cikin takardun da ta sa wa hannu akwai wadda ta ce idan kalmar sirrinta ta shiga na'urorin biro ta fita ta hanyar sakacinta, za a iya sallamar ta.

Rana ta biyu da fara aikinta, da hantsi, ta kira ni. Ta ce darakta zai fita zuwa Gaffati, yana so ya riƙa turo mata saƙo ta akwatin imel na biro, ita kuma ta kasa sa wayarta a wifi ɗinsu. Mai kula da odinatocinsu, wato kwamfutoci, ya tafi Droum tun safe. Na rufe rumfa na hau kabu-kabu.

Wifi ɗinsu ba irin na gida ba ne da kowa ke shiga da kalma ɗaya. Kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma da su ake buɗe saƙonni da takardun biro. Muka tsaya a inuwar itacen bedi kusa da ƙofar shiga. Ta faɗa mini kalmar a hankali, na rubuta. Wani rubutu ya fito yana tambaya ko wannan rezo, wato wifi ɗin, abin amincewa ne, da wani suna da jerin haruffa da lambobi a ƙasa. Na danna amincewa, waya ta shiga, na miƙa mata ina jin daɗin kaina.

Sai ta zaro wata takarda daga jaka ta ce ko zan duba mata, jiya aka ba ta tare da sauran, ba ta gane ta ba. Na karanta a tsaye. Takardar ta ce karon farko waya za ta nuna satifika, wato shaidar na'urar da ke karɓar kalmar sirri, kada a amince sai an gwada sunan da lambobin da waɗanda ke rubuce a ƙasa. Takardar ta ƙara da cewa kowa na iya kafa wifi mai suna irin nasu a kusa, ya tara kalmomin waɗanda suka danna ba su duba ba.

Na ɗaga kai na dubi titi. Akwai mai shayi, akwai shagon fotokofi, akwai wata mota a tsaye da mutum a ciki. Duk ranar Allah ina ganin irinsu, amma ranar kowanne ya zame mini abin zargi.

Na karɓi wayar na goge rezo ɗin, na sake shiga don tambayar ta dawo. Wannan karon ban taɓa komai ba. Ina karanto haruffan bibbiyu, ƙanwata tana bin takarda da yatsa. Sunan ya yi daidai. Lambobin kuwa tun daga na farko suka saɓa. Muka sake daga farko, ko mun tsallake layi, suka sake saɓawa. Na fita daga tambayar ba tare da amincewa ba, na kashe wifi ɗin, amma na san kalmar ta riga ta tafi tun dannawar farko.

Ƙanwata ta ce mu yi shiru, ai ba wanda ya gani. Ta ce idan ta faɗa, dole ta faɗi cewa ta ba ni kalmar, wanda shi kansa laifi ne. Ban ga laifinta ba, yara uku take tunani. Amma na ce mata idan wani ya riƙe kalmar ya shiga takardun biro, da sunanta zai shiga, kuma ranar da aka gano ba za a tambayi mai motar can ba.

"Yaya, kai za ka koma rumfarka," in ji ta. "Ni ina zan koma?"

Na ce dai ba zan tafi ba sai mai odinatocin ya dawo, kuma ni zan fara magana.

Mun kira shi sau huɗu, layi ba ya shiga. Ta koma teburinta, ni na zauna kan bencin mai gadi. Na yi azahar a masallacin unguwar. Duk wanda ya fito daga biron sai in duba fuskarsa ko wani abu ya faru a ciki.

Bayan la'asar ya iso a kan babur, wani dogon mutum mai furfura kaɗan. Na tare shi kafin ya cire hular kwano, na faɗa masa komai yadda ya faru, har da cewa ni na rubuta kalmar da hannuna. Ya shiga da mu ɗakinsa, ya fara canza kalmar ƙanwata, ya sa ta rubuta sabuwa ni ina kallon bango. Sannan ya buɗe odinatarsa ya fito da lambobin satifika na na'urarsu, ya sa aka sake kawo tambayar a waya, ya ce in karanto. Suka yi daidai daga farko har ƙarshe.

Ashe satifika yana da wa'adi, kuma sun sabunta nasu watan da ya wuce. Sabo yana zuwa da sababbin lambobi. Takardar da aka ba ta daga tsohon tari aka ciro ta, wanda ya ce a zubar ba a zubar ba. Ya bayyana mini cewa gargaɗin ba yana nufin akwai ɓarawo ba. Waya ce ba ta taɓa haɗuwa da wannan na'ura ba, sai ta dakata da kalmar sirri a hannunta, ta tambayi mai ita ko ta miƙa. Idan an amince sau ɗaya tana riƙewa, shi ya sa idan wata rana ta sake tambaya ko ta ƙi shiga, a zo wurinsa kafin a danna komai.

Na ce to alhamdu lillahi, ashe ba abin da ya faru.

"Alhaji, sa'a ka yi, ba dubawa ka yi ba," in ji shi. "Kuma maganar ba ka kalma da ta yi, sai na faɗa wa darakta. Aikina ne."

Washegari darakta ya kira ƙanwata, ta shiga ita kaɗai, ni ina rumfa waya a hannu ina ba masu saye amsa rabi-rabi. Kusan azahar ta kira ni. An rubuta mata gargaɗi a takardunta, an ƙara mata wata ɗaya a kan gwajin. Darakta ya ce da ta ɓoye ya ji daga baya, da ranar za ta ajiye makullin tebur. Ta ce in saya wa yara burodi idan zan taso, don za ta tsaya ta kwashe tsofaffin takardun nan daga kabad ta buga sababbi.