Lambar da ke Ƙarƙashin Zanen Barmo

Barmo mai zanen talla ne, yana aiki da kwamfuta a wata rumfa kusa da tashar Gazawa. Shekara shida yana yi wa Alhaji Ado na Maradi zane, sai bana ya fara cin gashin kansa.

Ran Talata da safe ya share rumfar, sannan ya rubuta wa Hajiya Lantana, shugabar mata masu man riɗi. Ya gaishe ta, ya ce ya ji suna neman takardar liƙa wa kwalabe, kuma zai iya gamawa cikin kwana uku. Ya haɗa mata da adireshin intanet inda za ta ga irin waɗanda ya zana. Sai dai ayyukan duk a shafin Alhaji suke, da lambar Alhaji a ƙarƙashinsu.

Da azahar Alhaji ya kira shi yana dariya.

"Barmo, wata Hajiya mai man riɗi ta ga zanena, ta ba ni aiki. Ka gama mini yau."

"To, Alhaji," in ji Barmo, ko da ya gane aikinsa ne ya suɓuce, domin wata biyu ke nan ba wanda ya neme shi.

Kafin magariba ya gama zanen, ya rubuta sunan Alhaji Ado a gefe, ya tura.