Mutumin da Yake Fara Lissafi Daga Girbi

Ƙwandala ake ce masa, don ko tsinke zai saya sai ya tambayi kuɗinsa sau biyu. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Manomi ne mai ƙaramar gona, matarsa ɗaya, 'ya'yansa mata uku, da benci ɗaya a ƙofar gida da ƙafarsa take rawa. Allah ya jiƙansa, ya yi masa sauƙin da ya yi wa mutane.

A kan bencin nan amininsa Direba ya same shi, shekarar da idon Direba ya fara rauni ya daina tuƙi. Ya sayar da motarsa, dubu ɗari shida suka rage masa, kuma ba shi da komai bayansu. Ya ce masara zai noma, eka huɗu, a gonar da ya gada.

"Eka huɗu," in ji Ƙwandala. "To wa zai karya maka ita?"

"Mutumina, ko iri ban saya ba kana zancen karya?"

"Ai daga nan ake farawa."

Ya juya bayan wata tsohuwar kalanda, ya soma rubutu daga ƙasa zuwa sama. Karya masara, ɓara, sussuka, buhuna da dako, dubu arba'in kowace eka. Noman farko da maimai, hamsin. Taki, saba'in. Huɗa, iri da shuka, arba'in. Eka ɗaya ta tashi dubu ɗari biyu.

"Biyu da rabi za ka noma," ya ce. "Ɗarin da ta rage ta tsautsayi ce."

"Sauran gonar fa? In bar wa ciyawa?"

"Ka bar mata. Ita ba ta karɓar kuɗin ƙwadago."

Direba ya ji kamar an rage masa tsawo. Amma ya bi. Eka ɗaya suka sa mata iri mai saurin nuna, don a karya ta tun masu ƙwadago ba su yi tsada ba. Kuɗin girbi kuwa, dubu ɗari cif, Ƙwandala ya sa a ambulan ya miƙa wa matarsa.

"Uwargida, ki ajiye wa wannan. Ko kuka ya zo yana yi kar ki ba shi."

"In ya yi kukan dai zan ba shi ruwa," ta ce.

Damina ta yi kyau, amma tsutsa ta shiga masarar, aka yi feshi sau biyu. Kafin taki na biyu, na sati shida, farashinsa ya hau. Ɗarin tsautsayi ta ƙare ƙarƙaf. Direba ya leƙa gonar maƙwabcinsa ya ga ta yi baƙi wuluk don taki, tasa kuwa kore kawai. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofar Ƙwandala yana murza hula.

"Buhu biyu kacal zan ƙara. Kuɗina ne fa."

"Naka ne," in ji Ƙwandala. "Ta samu abin da take buƙata. Na ƙarin ado ne. In ta nuna ba ka da abin sallamar mutane, gara ce za ta ci takin nan naka."

Direba ya tafi ko sallama babu. Kwana tara bai taka gidan ba, abin da har yau in ya tuna sai ya sunkuyar da kai. Da ya koma, ya tarar da amininsa a kwance, ƙafafu sun kumbura. Ƙwandala ya dube shi ya yi murmushi.

"Ka gama fushin? To je ka kama masu ƙwadago tun yanzu, ka ba su kafin alƙalami. Sati uku masu zuwa ba za ka same su a wannan kuɗin ba."

Ƙwandala ya ga buhunan ekar farko, don Direba ya sa mai dako ya biyo da su ta ƙofar gidan. Na sauran bai gani ba.

Bayan an share makoki, masarar kowa ta bushe a lokaci guda, kuɗin ƙwadago ya kusa ninkawa. Maƙwabcin nan mai baƙar gona ba shi da ko sisi a hannu, ya sayar da rabin masararsa a tsaye, a wulaƙance. Direba kuwa mutanensa suna nan a tsohon farashi. Ya karɓi ragowar kuɗinsa wurin matar marigayi, ya ce su fara da gonar Ƙwandala, shi zai biya.

Ta girgiza kai. "Ai nasa ma ya ware, tun kafin ya shuka. Kai dai ka tsaya musu."

Ya tsaya musu kwana biyu, sannan ya koma tasa. Buhu talatin da ɗaya ya ɗaure, babu wanda yake binsa kwabo. Ya kai na ci ɗaki, ya jingine na sayarwa sai kasuwa ta tashi. Ranar da aka ɗinke buhu na ƙarshe ya zauna a kansa, ya yi wa amininsa addu'a har masu ƙwadago suka gaji da jiransa suka zo suka ce amin.