Jan Layin Misoji

A Mwabuki, bakin tafki, babu uwar da ba ta san jan layin Misoji ba. Ita Misoji shagon magani gare ta, ƙofa guda, tsakanin mai gyaran raga da mai cajin waya. Mace ce gajeriya mai faɗin kafaɗa, ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba, ko gaisuwarta sai an ji ta a wurin shanyar kifi. Tana budurwa ta yi aikin share-share a asibitin mishan, ta ga yadda ake auna wa jarirai magani, abin ya shiga ranta. Da mijinta ya rasu a ruwa ta sayar da rabonsa na kwale-kwale, ta je ta yi kwas ɗin masu ba da magani, ta dawo da takardar shaida ta buɗe shago. Tun daga nan ta ɗaura yaƙi da cokalin shayi.

Ka ce mata "cokali ɗaya", yanzu za ta jawo aljihun teburi ta zube maka cokula, wani kamar na haƙa rami, wani ko gishiri ba zai ɗebo ba. Ta ce, "To, wanne daga ciki likitan yake nufi?" Murfin kwalba ma ba ta yarda da shi, sai ɗan kofin da aka yi wa zane, shi ma ga yaron da ya yi wayo. Jariri kuwa sirinji mara allura, a ɗiga masa a gefen kunci a hankali. Maganin da ke zuwa gari a kwalba ba ta barin kowa ya je gida ya kwaɓa shi yadda ya ga dama. A gabanka za ta zuba tafasasshen ruwan da ya huce, ta girgiza, ta ƙara har ya kai zanen jikin kwalbar, sannan ta sa ka girgiza da hannunka ta gani. Ta ce ƙarfin yana kwanciya a ƙasa, wanda bai girgiza ba ruwa zai ba ɗansa yau, ranar ƙarshe kuma ya ɗura masa kauri.

Mata da yawa a garin ba su jima a makaranta ba, tsofaffi kuma ido ya yi rauni, ƙananan lambobin jikin sirinji ba sa ganuwa. Sai Misoji ta fito da dabara. Ta duba nauyin yaro a katin awo, ta duba ƙarfin da aka rubuta a kwalba, ta yi lissafi, ta ɗauko jan farce ta zana layi a jikin sirinjin daidai inda za a tsaya. Dabarar ta yi aiki, har ta yi aiki fiye da yadda mai ita ta so. Mutanen Mwabuki ba sa yar da abu mai amfani, kuma abin da ke gidan maƙwabciya naka ne. Yadda ake aron rariya da turmi, haka sirinjin mai jan layi ya riƙa tsallaka katanga, ita ba ta sani ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Minza ta shigo shagon da goyon ɗanta Maduhu, wanda ya fara rarrafe. Minza matar wani masunci ce, tana zaune da surukarta, Kaka Kwangu.

Ta ce, "Yaya Misoji, sirinji nake so, ki yi mini jan layin nan. Maƙwabciyata Maman Sato ta aiko a mayar mata da nata da na ara, 'yarta ta kwanta."

Misoji ta ce, "Layin me? Ina kwalbar?"

"Tana gida. Na zazzaɓi ne, farasitamol. Ki zana irin na Maman Sato kawai, a kan biyar."

"Ke, ni kika ga ina zane a iska? Je ki kawo kwalba da katin awo. Bar mini saurayin nan in riƙe miki, dama ya daɗe bai zo zance ba."

Minza ta tafi tana dariya, ta dawo da kwalba da kati da sirinjin aron, Kaka Kwangu na biye da ita da sanda, don ta ji dalilin da za a sa surukarta zirga-zirga a kan abin da bai kai ya kawo ba. Labarin mai sauƙi ne. Yaron ya yi zazzaɓi, an kai shi ƙaramin asibitin gari, an gwada jini babu zazzaɓin cizon sauro, an ce mura ce, a ba shi farasitamol na ruwa. Na asibitin kuma ya ƙare. A gida kuwa akwai kwalba kusan cike, wadda ƙanin mijin Minza ya manta da ya zo daga birnin Mwanza da iyalinsa. Magani ga shi, sirinji ga shi a maƙwabta, me za a je saye?

Misoji ta juya kwalbar ta kai ta bakin ƙofa inda haske yake. Sunan maganin ɗaya ne da wanda take sayarwa, ruwan ma ja-ja ne mai ƙamshin alewa. Amma a ƙarƙashin sunan, inda nata ke cewa miligiram ɗari da ashirin a cikin mil biyar, wannan cewa ya yi ɗari biyu da hamsin a cikin mil biyar. Na manyan yara ne, 'yan shekara shida zuwa sama. Ta buɗe katin, kilo takwas. Yaro mai kilo takwas ɗari da ashirin ne rabonsa a sha ɗaya. A kwalbarta mil biyar ke nan, daidai jan layin da ta zana wa 'yar Maman Sato. A wannan kwalbar kuwa ko biyu da rabi bai cika ba. Duk shan da aka ba Maduhu ya haura ninki biyu.

Ta ce, "Tun yaushe yake sha?"

Kaka Kwangu ta gyara tsayuwa, don nan ne fagenta. "Tun shekaranjiya. Safe, rana, yamma, da lokacin kwanciya. Ni nake ba shi da hannuna, ban tsallake ko ɗaya ba. Wannan 'yar in an bar mata, rabi a riga zai ƙare."

Misoji ta rufe katin. Ta ɗora kwalbar a kan teburi, ta jawo makulli daga ƙugu.

"Minza, ɗaura goyonki. Asibitin gunduma za mu, yanzu."

"Asibiti?" in ji tsohuwar. "Dube shi fa! Zazzaɓi ya sauka, ya sha kunu, ga shi yana cin ɗankwalinki. Ke dai, Misoji, kin cika ɗaga hankalin mutane. Ko don ba a shagonki aka saya ba?"

Gaskiyar tsohuwa, yaron ras yake a ido. Yana ta wasa da yawu, yana miƙa hannu zai kama makullin. Abin da ya fi tsoratar da Misoji ke nan, don ta san wannan maganin in ya yi yawa ba ya ihu. Hanta yake ci a ɓoye, yaro na dariya, sai bayan kwanaki a ga amai da kasala, ido ya yi rawaya, lokacin kuwa aiki ya yi nisa.

Ta ce, "Kaka, ba faɗa zan yi da ke ba. Kin san gishiri. In kika saba zuba cokali ɗaya na garin gishiri a miya, aka kawo miki wani mai ƙarfi ninki biyu, kika zuba cokali ɗayan nan, ya miyar za ta yi?"

"Ba za ta shawu ba."

"To miya a ɗanɗana a gane. Hantar jikanki babu mai ɗanɗana ta sai gwajin jini. In na yi kuskure, ki zage ni a tsakiyar kasuwa, zan tsaya in saurara. Amma yau sai an duba shi."

Ba ta jira amsa ba. Ta garƙame shago ranar kasuwa, ranar da ta fi ciniki, ta leƙa ta ƙwala wa masu bodaboda, 'yan acaɓan garin, kira, babura biyu suka taso. Dama ta riga ta saka kwalbar da sirinjin da katin a jaka, don likita ba zai yi aiki da "ai ja-ja ne" ba. Tsohuwa ta ce ita ba ta hawa babur, sannan ta hau, tana mita tun daga Mwabuki har titin kwalta.

A asibitin, Misoji ta miƙa wa likitar yara kayan uku ta yi bayani a gajarce. Likitar ta karanta kwalbar, ta dubi layin, ta sa aka ɗebi jini nan take. Suka zauna a benci. Minza ba ta yi kuka ba, sai dai ta rungume yaron har ya fara mutsu-mutsu. Da sakamako ya fito, likitar ta ce hantar ta fara jin jiki, amma an zo da wuri. Akwai maganin da ke kare ta, ta ƙarin ruwa ake ba da shi, za a kwantar da shi a riƙa sake gwaji. Ta ƙara da cewa da an ci gaba da ba shi har kwalbar ta yi nisa, da maganar ba haka za ta kasance ba.

Maduhu ya tsala ihu da aka nemi jijiya a bayan hannunsa. Misoji ta fito baranda ta sha iska, sai ta tarar da Kaka Kwangu zaune a ƙasa, sanda a gefe, tana kallon tafin hannunta.

Tsohuwar ta ce, "Ba ya so fa. Tofarwa yake yi. Ni na riƙa matse masa kumatu har ya haɗiye, ina yi masa waƙa."

Misoji ta tattara zaninta ta zauna kusa da ita a kan simintin. A karon farko a ranar muryarta ta sauka.

"Kaka, ke abin da layi ya ce miki kika yi, kuma kin yi shi daidai. Ni na zana layin. Na koya wa garin nan inda za su tsaya, ban koya musu cewa kowane layi da kwalbarsa da yaronsa ba. Wannan gyara nawa ne, kuma zan yi shi gida-gida."

Tsohuwar ta jawo sandarta kusa. Can ta share ido da bakin zani, ta ce, "Gidan Maman Sato za ki fara. Ita ma ƙanwarta ta aiko mata da wata kwalba daga birni, kuma sirinjin nan take jira."

Misoji ta miƙe tsaye, ta zaro wayarta tun kafin ta gama kakkaɓe zani.

Maduhu ya koma gida bayan 'yan kwanaki da filasta a bayan hannu, gwajinsa ya dawo daidai. Kakarsa ce ta goyo shi tun daga bakin titi har gida, da ƙafa, ta hana kowa karɓa.