Ranar da kwamfuta ta daskare da tarihin Baba

Kwana huɗu kafin jana'izar Baba, 'yan'uwa suka ɗora mini aikin littafin da ake rabawa a coci. A wajenmu ba a binne dattijo sai da wannan littafin: hotonsa a bango, waƙoƙin da za a raira, sannan tarihin rayuwarsa. Wai ni ne malamin makaranta, ni na iya rubutu. Gaskiyar magana kuwa, abin da na sani game da Baba kafin a haife ni bai cika shafi guda ba.

Wadda ta sani ita ce Gwaggo, yayarsa. Ta tsufa ƙwarai, ƙafa kuma ta ƙi. Da ƙyar aka sa ta a mota daga Kwoi zuwa Kafanchan, ta ce la'asar na yi za ta koma, domin masu zuwa gaisuwa suna jiranta a gida. Na kai ta wani shagon buga takardu kusa da kasuwa, na wata Hajiya da iyayenta suka daɗe suna ciniki a garin. Ta ba ni kwamfuta ta tebur, ta buɗe mini manhajar da take tsara littattafai da ita, ta kuma kawo wa Gwaggo kujera mai jingina.

Awa uku Gwaggo tana magana ina bugawa. Ta faɗi yadda Baba ya bar makaranta ya kama noman citta don ƙannensa su yi karatu, da yadda ya zo neman aiki a tashar jirgin ƙasa da riga ɗaya. Wani wuri da yarenmu, wani da Hausa, wani wuri kuka ya hana ta, sai mu jira. Da ta gama ta goge fuska da bakin zane.

"Shi ke nan. Kada ka ce in sake. Zuciyana ba zai iya sau biyu ba."

Ni mutum ne mai gaggawa, har matata kan ce da ana sayar da haƙuri a kasuwa da ta saya mini mudu. Na zura filashin da yayana ya kawo, cike da tsofaffin hotunan da aka yi musu sikanin, manya-manya. Maimakon in sa ɗaya bayan ɗaya, na kwashe su duka na zuba cikin littafin. Allon ya yi fari-fari kamar an shafa masa alli. Kibiyar ta koma ɗan zobe tana juyawa. A sama aka rubuta Not Responding, wato manhajar ta daina amsawa.

Sai a lokacin na tuna ban adana aikin ba ko sau ɗaya. Na saba rubutu a waya, inda komai ke ajiye kansa. Gumi ya keto mini. Na shiga danna ko'ina, na danna alamar rufewa, sai Windows ta fito da tambaya: in rufe manhajar, ko in jira ta amsa?

Yayana, wanda bai taɓa rasa amsar komai ba, ya leƙo ta kafaɗata.

"Wannan program ya lalace. A cire shi a yi installing sabo. Haka na yi da nawa."

"Ni dai rufewa zan yi in buɗe," na ce, hannuna na kan maus.

"Malam, ɗaga hannunka!"

Hajiya ce, daga wajen injin kwafi. Ba ta ko ɗaga murya sosai ba, amma na janye hannu kamar ɗan aji ɗaya. Ta tambaye ni ko na yi saving. Na ce a'a. Ta zaɓi jira, sannan ta danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani akwati ya buɗe mai jerin duk abin da ke aiki a kwamfutar. Ta ce sunansa Task Manager. Ta nuna mini layin manhajarmu. Lambobin da ke gabansa suna hawa suna sauka.

"Ka gani? Ba ta mutu ba. Tana jan hotuna daga filashi, ka cika mata baki ne. Tana tauna, ba ta iya amsa maka. In ka danna End task ka kashe ta, duk abin da ba ka adana ba yana iya tafiya. Wani lokaci manhaja takan ajiye kwafi da kanta, amma ba zan rantse maka ba."

"To in aka sake installing fa?" in ji yayana.

"Oga, wannan maganin wadda ke daskarewa kullum ne, ko ba a ba ta aiki ba. Kuma sai an rufe ta kafin a cire. Sabuwar za ta zo wayam, ba ta san abin da Mama ta faɗa ba."

Na tambaye ta sai yaushe. Ta ce Allah ne masani. In lambobin suka kwanta a sifili suka daɗe ba motsi, to a lokacin za mu yi maganar rufewa, mu rungumi ƙaddara. Amma muddin suna motsi, kada in taɓa komai, kada kuma in zare filashin. Ta jawo maus ɗin ta ajiye bayan allo, ta koma aikinta. Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Mutum da furfura a gemu, a ƙwace masa maus a gaban jama'a!

Muka zauna. Masu babur suna ta hon a waje. Na duba agogo har na ji kunyar dubawa. Ina ta ƙoƙarin tuno maganganun Gwaggo, ko zan iya sake rubutawa da ka, sai na ga sunayen ƙauyuka da na mutane sun riga sun fara zame mini. Tsoro ya kama ni sosai. Gwaggo ba ta gane abin da ke faruwa ba, amma ta karanta fuskata.

"Maganan ya ɓata ne?"

"Bai ɓata ba, Mama," Hajiya ta amsa kafin in buɗe baki. "Yana ciki. Jira muke."

"To, jira ba ciwo ba ne."

Ta naɗe hannu ta rufe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke ta.

Kusan rabin awa aka yi. Ban ma ga lokacin da abin ya faru ba, yayana ne ya taɓa ni. Farin ya washe, hotuna sun jeru, ga Baba yana saurayi cikin wata kwat da ta fi ƙarfinsa. Na ja shafin sama. Rubutun yana nan, ko harafi bai ɓata ba. Hajiya ta sa na danna Ctrl da S da hannuna, na ba aikin suna, ta kuma sa kwafi a filashinta. Na yi mata godiya. Ta ce babu komai, Allah ya ba mu haƙurin rashi. Har yau in na bi ta layin nakan tsaya in gaishe ta, kuma ban taɓa jin na gode mata yadda ya kamata ba.

Na miƙe zan nemo wa Gwaggo mota, sai ta buɗe ido.

"Ya dawo? To zauna. Da muna jira ɗin nan na tuna wani abu."

Na zauna.

"Ranan da aka haife ka, Babanka yana gonan citta. Aka kai masa labari. Ya jefar da fartanya, ya yi gudu har gida ba takalmi. Da aka ba shi kai, ya ƙi karɓa, ya ce hannunsa da ƙasa. Ya je ya wanke sau uku, ya dawo, har yanzu yana tsoro. Ni na kama hannunsa na sa ka a ciki."

Shekara arba'in da wani abu na yi da mutumin nan, bai taɓa gaya mini ba. Ina bugawa haruffa suna yi mini hazo. Hajiya ta kashe injin kwafi, ta ce wa mai jiran takardu ya ɗan dakata.