Sakan Goma Sha Ɗaya da Suka Ɓace Daga Bakin Likitan Dabbobi

Shekarata ta biyu ke nan a ƙaramin gidan rediyonmu na Dakoro lokacin da aka miƙa mini shirin makiyaya. Kafin nan aikina karanta sanarwar biki da cigiyar jakin da ya ɓata. Diraktan gidan, dattijo ne tsohon malamin lakwal, makarantar boko, da muke kira Mushe, shi ya zaunar da ni gaban ordinatar, kwamfuta ke nan, ya koya mini montaji, wato yanka sauti da haɗa shi. Abin da ya fara nuna mini shi ne murya tana da sura. Idan ka zuba magana cikin na'ura sai ta fito a gilashi kamar doguwar kunyar gona mai tudu da kwari. Inda mutum ya ɗaga murya zanen ya yi kauri, inda ya ja numfashi ya sirance. Idan ƙarar ta yi yawa sai kawunan tudun su baje kamar an aske su da aska, a kunne kuma ka ji muryar tana tsagewa.

A ranin wannan shekarar ciyawa ta yi wuya, buhun dusa ya fi ƙarfin mutane da yawa. Mushe ya ce in je in ɗauko likitan dabbobi na sarbis, wato ma'aikatar kiwo, ya yi wa mutane bayanin yadda ake jiƙa karan hatsi da ruwan takin zamani na ure don shanu su iya cinsa su ƙoshi. Likitan mutum ne mai sanyin magana, sa'an mahaifina, ya san ni tun ina goye. Muka zauna ƙarƙashin iccen bedin da ke bayan buronsa, wato ofishinsa, na riƙe masa makirfo mai waya da ke shiga ƴar na'urar ɗaukar magana. Na manta kaske, abin sawa a kunne, a kan tebur can gidan rediyo. Ban koma ɗauka ba saboda rana, na ce ai na saba.

Ya yi magana minti arba'in da ɗaya, filin shirin kuwa minti ashirin da biyar ne.

Washegari da hantsi na buɗe sautin, na matse shi duka ya shiga gilashi guda don in ga fasalinsa. Minti shidan farko kamar ƙwayar tasbaha da aka warwatsa: kalma uku, sarari, kalma biyu, sarari. Gaisuwa ce ga sarakuna da ardo-ardo da godiya ga hukuma. Daga nan zanen ya cike ya yi duhu, alamar ya shiga abin da ya sani yana zuba bayani. Wajen minti na talatin ya sake warwatsewa. Na saurara, na tarar ya koma maimaita abin da ya riga ya faɗa, yana neman hanyar rufewa bai samu ba. Na rage gaisuwar zuwa minti ɗaya, na datse maimaicin, amma har yanzu akwai rarar minti huɗu.

A cikin na'urar akwai wani umarni da ke farautar shiru. Kai za ka gaya masa iyakar raunin sautin da zai ɗauka a matsayin shiru, da tsawon da zai fara taɓawa, da abin da zai bari. Na ce masa duk shirun da ya wuce sakan ɗaya ya mayar da shi rabin sakan. Kafin in ɗaga kofin ruwa ya gama, minti huɗun sun tafi. Na sa shirin yana tafiya a lasifika ina jera takardun sanarwa, ban ji inda ya yi tuntuɓe ba. Likita ya zama mai kaifin baki kamar ɗan jarida.

Mushe yana da doka guda da ba ya sassautawa: ba a sa shiri a iska sai an bi shi da ido daga farko har ƙarshe, an buɗa zanen sosai. Na kan ji nauyin wannan doka, don aiki ne mai sa barci. Ranar na yi shi ne kawai saboda yana zaune a bayana yana gyaran jadawalin mako.

A minti na goma sha huɗu na tsaya. Duk sararin da ke tsakanin kalmomin likita yana da ɗan gashi-gashi a kan layi, domin ƙarƙashin bedi ba a rasa motsi: iska, kurciya, akuya daga nesa. Wannan sararin shi kaɗai ya fita daban. Layin ya miƙe sumul kamar zaren da aka ja, da wata siririyar ƙaya tsaye a bakinsa, wata a ƙarshensa. Kuma muryar da ke gabansa ba ta sauka a hankali yadda murya ke yi in mutum ya kai aya ba, an sare ta ne tana tsaye.

Na sa kaske na saurari wurin. Likita ya ce, "Sai a tattake karan cikin rami, a rufe da leda," ɗan ƙas, ɗan shiru, ƙas, "a ba shanu su ci."

Maganar ta zauna daidai, wanda bai sani ba ba zai ce an taɓa ta ba. Na buɗe sautin asali da ban yi wa komai ba, na nemo wurin. Sakan goma sha ɗaya ne layin yake kwance. Na ƙara masa ƙarfi har iya, babu kurciya babu iska, sai ɗan huci na na'urar kanta. Nan na tuna lokacin da na sauya hannu don kafaɗata ta gaji. Kan wayar makirfon ne ya goce daga raminsa, ya koma da na sake motsawa. Na'ura ba ta bambanta mutum ya yi shiru da makirfo ya mutu, ta haɗe bakin ramin ta ba ni jimla lafiyayya.

Na ce, "Mushe, zo ka gani."

Ya jawo kujera, ya saurara sau biyu. "Mi ya ce a wurin?"

"Kwanakin da za a bar shi a rufe. Da wani abu kan shan iska."

"Kwana nawa?"

Sati biyu ne ko uku, ban iya rantsewa ba. Hankalina lokacin yana kan allurar ƙarar sauti da kuma kafaɗata.

Mushe bai yi faɗa ba. Ya cire madubin idonsa ya ce takin ure ba abin wasa ba ne, ya taɓa ganin saniya ta sha ruwansa a Adjekoria, ba ta kai la'asar ba. Idan mutum ya ji rediyo ta ce a rufe a ba shanu, zai jiƙa da safe ya ba su da marece, kuma zai ce likita ne ya faɗa.

Na kira likita, wayarsa ba ta shiga. A buronsu aka ce ya tafi rigakafi wajen Azagor, sai ranar kasuwa zai dawo. Shirin kuwa na gobe ne. Na ce ko in tambayi wani ma'aikacin sarbis ɗin in karanta wurin da muryata. Mushe ya ce zai yiwu, amma makiyayi da ya ji muryar mace ta faɗo tsakiyar maganar likita daidai wurin da ya fi muhimmanci, zai yi zaton mu muka ƙara. Ya ce a maimaita shirin makon jiya, wannan ya jira mai shi.

Na ji kunya ƙwarai da zan sanar a iska cewa shirin da muka yi alkawari sai mako mai zuwa. Mutum biyu suka bugo suna tambaya, na ce musu gyara muke yi.

Ranar kasuwa na tarar da likita a buro, ƙafafunsa duk ƙura, yana shan shayi. Na gaishe shi na faɗa masa abin da ya faru ba tare da na rage laifina ba. Ya yi dariya har ya aje kofin.

"Ɗiyata, to da kin bari ai da an ce na kashe shanun arewa da baki. Kawo abin naki."

Na roƙe shi mu koma ƙarƙashin bedin nan, a kan benci guda, don kada sautin wurin ya bambanta da na farko. Wannan karon kaske na kunnena, na kuma naɗe kan wayar da roba. Ɗaukar farko ya ɗaga murya kamar mai shela, allurar ta buga ja, na san kawunan za su fito a aske. Na ce, "Baba, yi mini kamar ranar nan, kamar ni kaɗai kake gaya wa." Na ja makirfon baya kaɗan. Ya sake faɗa a natse: a bar shi a rufe sati uku kada iska ta shiga, in an buɗe a baza wanda za a bayar ya sha iska warin ya fita, a fara da kaɗan-kaɗan. Sai ya ƙara abin da ya ce bai tuna ko ya faɗa ba wancan karon, cewa kada a ba jaki ko doki ko ɗan maraƙin da bai fara tuƙa ba, kuma a kifar da ragowar ruwan takin inda dabba ba za ta kai baki ba. Kafin in kashe na ce mu yi shiru na rabin minti, na ɗauki motsin wurin kawai, don in samu abin cike gaɓa.

Da na koma na ɗora sabon guntun a gurbinsa. Ya fi tsohon kauri kaɗan, na rage shi har tudunsu suka daidaita. Na yanke ƙayoyin nan biyu, na sa ɗan kukan kurciya a mahaɗar. Ƙarin ya kai kusan minti guda, dole na koma neman inda zan rage. Wannan karon ban ba na'ura wuƙa ba. Na sa ta yi mini alama kawai a kan kowane shiru mai tsawo, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Sun fi sittin. Mafi yawa na rage su. Waɗanda ke bayan awo, kamar yawan taki da yawan ruwa, na mayar musu da tsawonsu na asali, don na lura da gangan yake dakatawa a nan, yana ba mai sauraro lokacin riƙewa. A madadinsu na cire labarin wani taro da ya je Maradi.

Mushe ya saurara daga farko har ƙarshe idonsa a rufe. Da ya ƙare ya ce in nuna masa mahaɗar, don bai ji ta ba. Na nuna masa. Ya gyaɗa kai ya koma kan jadawalinsa.

Shirin ya fita ranar Laraba bayan la'asar. Kwana biyu bayan haka wata dattijuwa daga wani ƙauyen Mai Yara ta zo da katin waya na ajiye sauti ƙulle a bakin zanenta, ta ce maƙwabtanta sun aiko ta a zuba musu maganar likita, suna so su riƙa sakewa lokacin da suke haƙa ramin. Na ba ta kujera da ruwa, na zuba mata. Ta ce in kunna ta ji ko ya shiga, na kunna, ta zauna ta saurare shi duka minti ashirin da biyar ɗin kafin ta ɗaure katin ta tafi neman mota.