Babu Maigari a Ofishin Nan

Sunan kakansa aka sa masa, Ummaru, wanda ya yi shekara talatin yana maigari a wani ƙauye bayan Liba. Tun ranar suna babu wanda ya iya kiran jaririn da sunan tsohon, sai aka ce Maigari, ya bi shi har furfura. Bai taɓa sarauta ba. Shekara goma sha shida ya yi yana sayo wa wani kamfani a Aliero albasa, a kan babur, gona gona. Ba shi da yawan magana. In ya matsa wuyan albasa da babban yatsa, ya san ko za ta kai damina a sito ko za ta ruɓe.

A kakar bana abu ya rikice. Manoman Giwa Tazo, waɗanda kullum shi suke jira, suka sayar wa 'yan Jega. Manaja, Alhaji Khalil, ya ce in mako biyu suka wuce haka, zai ba wani ma'aikaci yankin, Maigari kuma ya koma gadin sito.

Maigari bai yi gardama ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne dalili. Farashinsu bai faɗi ba, bai kuma ɓata da kowa ba. Sai ya hau babur ya tafi wurin Malam Jibrilla, mijin gwaggonsa, wanda ya fi kowa albasa a can.

"Baba, mi na yi muku?"

"Kai ka bar aiki ba sallama, kana tambaya ta mi ka yi?"

Ashe kamfani ya daina sayayya ta wayar ma'aikaci, ya raba wa manoma lambar ofis ɗaya. Malam Jibrilla ya kira ya ce a ba shi Maigari. Salma, sabuwar sakatariya, ta duba jerin ma'aikata a kwamfuta ta ce babu mai wannan suna. Ta tambaye shi sunan yanka na wanda yake nema.

"To mi ya hana ka faɗa mata?" in ji Maigari.

Tsohon ya harare shi. "Sunan surukina zan kama a baki, don buhu arba'in? Kashe wayar na yi."

Kafin la'asar ranar, duk Giwa Tazo ta ji cewa Maigari ya bar kamfani.

A hanyar dawowa ya tsaya ya ciro katin da ke rataye a wuyansa. Ummaru Haidar Waliyyu. Hoton nasa ne, amma ko shi sai ya yi jim in an kira shi haka. Washegari ya rubuta takarda da biro, layi shida. Ya ce yana roƙon a sa Maigari a katin wuya, da jerin ma'aikata, da sunan da ke fitowa a imel ɗinsa. Ya ce takardar ɗaukar aiki da ta fansho da duk abin da ya shafi katin ɗan ƙasa a bar su da sunan yanka, ba canja suna yake yi ba. Ya sa hannu da sunayen biyu.

Alhaji Khalil ya karanta ya yi dariya.

"Ranka ya daɗe, yaushe aka yi naɗin ba a gayyace mu ba? Gobe wani ya ce in rubuta masa Sarkin Yaƙi."

"Alhaji, ban iya dogon bayani ba. Mu leƙa kasuwa."

Manajan ya so ya ga ƙarshen abin, ya ɗauki hularsa. Salma ma ta bi su. A bakin kasuwar albasa Maigari ya tsaya bayan wata tirela, ya ce su shiga su neme shi da sunan kati. Suka tambayi dillali, suka tambayi masu ɗinkin buhu, suka tambayi mai shayi. Wani ya ce ko malamin jami'a ne. Da Salma ta ce Maigari fa, mai shayin ko ɗagowa bai yi ba.

"Ga ƙafafunsa can bayan mota, da silifas ɗinsa kala biyu."

Alhaji Khalil ya sa hannu a takardar a kan murfin motarsa. Salma ta gyara sunan imel da jerin ma'aikata a ranar, adireshin bai canja ba. Katin ya ɗauki kwana tara kafin ya zo daga wurin masu bugawa a Birnin Kebbi: Maigari da manyan baƙaƙe, sunan yanka ƙanana a baya.

Buhu arba'in ɗin sun tafi, ba su dawo ba. Amma Salma ta kira Malam Jibrilla da kanta ta ce, "Baba, ga Maigari." Tsohon ya ce akwai sauran gonar fadama da ba a cire ba, a turo mota ran Laraba, kuma a faɗa wa yaron nan ya zo da buhunan kirki.